Madarar Naira Ɗari: Lissafin da Ke Cikin 'Yar Leda

A Achilafiya, cikin Ƙaramar Hukumar Yankwashi ta Jihar Jigawa, haka kuma a garuruwan Kazaure, Roni, Gwiwa da Babura, da wuya a ji mai saye ya ambaci nauyi idan ya tsaya gaban mai tebur. Ba a cewa a ba ni giram 50 na sukari. Abin da ake cewa shi ne a ba ni sukari na hamsin, ko mai na ɗari, ko daddawa ta hamsin. Wato mai saye shi ne yake yanke kuɗin tun daga gida, shi kuwa mai sayarwa aikinsa shi ne ya san iyakar abin da zai zuba wa wannan kuɗi. Wannan ɗabi'a daɗaɗɗiya ce, domin kakannin masu sayen yau da taro da sisi da sule suka yi irin wannan ciniki. Kashin tumatir, ƙullin gishiri, ludayin man gyaɗa da kwalbar kananzir duk hanyoyi ne na gutsuttsura babban kaya har ya yi daidai da abin da ke aljihun talaka a ranar.

Dalilin haka a fili yake. Manomin gero da gyaɗa da riɗi yana ganin kuɗi a dunƙule ne da kaka, sauran watanni kuwa sai abin da ya samu daga ƙodago, ko sayar da akuya, ko 'yar tiyar hatsi da ya fitar ranar kasuwa. Ɗan acaba da mai faskare da mai ƙosai kullum suke samu, kullum suke kashewa. Gidan da kuɗinsa ke shigowa kullum-kullum, cefanensa ma kullum-kullum zai kasance.

Abin da ya sauya a 'yan shekarun nan shi ne manyan kamfanoni sun koyi wannan dabara ta mai tebur, sun mayar da ita aikin inji. Shi ya sa yau teburin ya cika da jerin 'yan ledoji a rataye kamar carbi: madara, garin wanki, tumatirin miya, man goge baki, kayan shayi. Madarar gari ita ce ta fi dacewa a bi diddiginta, domin a kanta ne aka fi ganin yadda kimiyya da lissafin kasuwa suka haɗu.

Yadda madara ta shiga leda

Kafin shekarun 1990, madarar kanti a Nijeriya a gwangwani take zuwa. Akwai ta ruwa a ɗan gwangwani mai giram 170, irin na Peak, wanda in ya ƙare yakan zama ma'aunin shinkafa da wake a kasuwa, akwai kuma ta gari a manyan gwangwanaye. A 1986 gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta shigo da shirin gyaran tattalin arziki wanda ya karya darajar naira. Dalar da ba ta kai naira guda ba a 1985 ta kai wajen naira 22 a farashin gwamnati a 1993. Da yake garin madara daga waje ake shigo da shi, sai gwangwani ya fi ƙarfin gidaje da yawa, har da na ma'aikatan da suka saba saye.

A 1993 ne kamfanin Wonder Foods, wanda daga baya ya koma Promasidor, ya fara sayar da madarar Cowbell a Nijeriya. Mai kamfanin, wani ɗan kasuwa da ake kira Robert Rose, ya riga ya gwada dabarar a ƙasar Zayar, wadda yanzu ake kira Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango, tun 1979. Abu biyu ya yi. Na farko, ya zuba garin a ƙananan ledoji daidai shan mutum ɗaya. Na biyu, wanda mutane da yawa ba su lura da shi ba, ya sauya ita kanta madarar: an cire man shanun da ke cikinta an maye gurbinsa da man tsirrai. Man tsirrai ya fi man shanu araha nesa ba kusa ba, kuma madarar da aka yi da shi tana jure zaman shago a ƙasa mai zafi. Da ciniki ya kankama, sai tsofaffin kamfanonin madara su ma suka bi sahu da nasu 'yan ledojin. Irin wannan ya faru a Indiya a shekarun 1980 da sabulun wanke gashi na ruwa, wanda aka riƙa ƙullawa ana sayarwa a ƙauyuka kan rufi guda.

Me ya sa ƙarami ya fi tsada?

Duk ɗalibin da ya yi darasin faɗi da girma a ajin lissafi zai iya gano amsar da kansa. A ɗauki akwati mai sentimita 10 a kowane ɓangare. Cikinsa yana cin sentimita-kubik 1,000, wato 10 sau 10 sau 10. Fuskokinsa shida ne, kowace tana da faɗin 100, saboda haka ana bukatar takarda mai faɗin 600 kafin a naɗe shi. Yanzu a yayyanka wannan kaya zuwa ƙananan akwatuna masu sentimita 2 a kowane ɓangare. Kowanne yana cin 8 ne kawai, ke nan za a sami 125. Kowanne kuma yana bukatar takarda mai faɗin 24, wato fuska shida sau 4. Idan aka ninka 24 sau 125 za a sami 3,000. Kaya bai ƙaru da ko ƙwaya ɗaya ba, amma abin naɗinsa ya ninka sau biyar.

Wannan doka ce ta halitta, ba ta kasuwa kaɗai ba. Ita ce ke sa kunun da aka zuba a ƙananan kofuna ya riga na cikin tukunya hucewa, ita ce kuma ke sa jariri ya fi babba saurin jin sanyi. Duk abin da ya ƙanƙance, fatarsa tana yawa idan aka gwada da cikinsa.

A ledar madara lamarin ya ma zarce haka, domin ba leda ce irin ta ƙullin gyaɗa ba. Idan aka yaga ta aka duba da kyau, za a ga bayanta mai launi ne, cikinta kuwa yana ƙyalli kamar azurfa. Yawanci hawa uku ne aka manne wuri guda. Na waje roba ce mai ƙarfi wadda ke ɗaukar rubutu da zane. Na tsakiya alminiyam ne siriri ƙwarai, shi ne ke tare haske da danshi da iska. Na ciki kuwa leda ce mai narkewa da wuri, wadda idan ƙarfe mai zafi ya matse ta sai bakin ya liƙe. A masana'anta wannan abu a naɗe yake zuwa kamar bandir ɗin yadi. Inji yana jawo shi, ya lanƙwasa shi ya zama bututu, ya liƙe ƙasa, wani ƙarfe mai murɗi ya juya adadin da aka saita masa ya zubo gari, sannan a liƙe sama a buga kwanan wata. Kowace leda, komai ƙanƙantarta, sai ta sha wannan hidima gaba ɗaya. Bakin da aka liƙe ma leda ce da ba ta ɗauke da komai, kuma a ƙaramin ƙunshi wannan baki yana cinye kaso mai tsoka. Bayan haka akwai ƙirga, da zubawa a kwali, da hannuwan da kayan za su bi daga masana'anta zuwa Kasuwar Singa a Kano, daga can zuwa babban kanti a Kazaure, daga nan zuwa teburin unguwa. Mai tebur da zai miƙa hannu sau talatin kafin ya sayar da abin da mai kanti ke sayarwa a miƙa ɗaya, dole ladarsa ta fi yawa.

Lissafi daga baya zuwa gaba

A tunanin mutane, kamfani yana haɗa kuɗin da ya kashe ne, ya ɗora riba, sannan ya faɗi farashi. A kayan 'yar leda akasin haka ake yi. Farashin ake fara tsayarwa, kuma ba kamfani ke tsayar da shi ba, takardar kuɗin da ke yawo a hannun jama'a ce. Babban Bankin Nijeriya ya fito da takardar naira 50 a 1991, ta 100 a 1999, ta 200 a 2000, ta 500 a 2001, ta 1,000 kuma a 2005. An yi ƙoƙarin dawo da sulalla a 2007, amma kasuwa ba ta karɓe su ba. Takardun naira 5 da 10 da 20 suna nan bisa doka, sai dai sun yi ƙaranci a hannu, kuma babu abin kirkin da suke saye. Saboda haka farashin ƙananan kaya tsalle yake yi kamar mai hawa tsani: 50, 100, 150, 200. Kayan da aka ce naira 115 ne zai jawo rigimar canji a kowane ciniki, ƙarshenta mai tebur ya mayar da shi 150 ya riƙe bambancin, ko ya daina sarowa.

Ga misali da lambobin da aka zaɓa don sauƙin lissafi, ba farashin wani kamfani ba ne. A ƙaddara ana so 'yar ledar madara ta isa hannun mai saye a Achilafiya kan naira 100. Mai tebur yana saro jeri mai guda goma kan naira 850, wato 85 kowace, ribarsa 15. Babban ɗan kasuwar da ya sayar masa ya karɓo kan 78 daga kamfani, ya ci 7, a ciki zai biya mota da 'yan dako. To, wannan 78 ita ce duk abin da ya shiga hannun kamfani. A cire 8 kuɗin leda da kwali, a cire 14 na wuta da inji da albashi da jigila, a cire 8 na talla da riba. Abin da ya rage shi ne naira 48, kuma da ita kaɗai za a sayi garin da za a zuba. Idan giram ɗaya na gari yana tsaya wa kamfani naira 4, to giram 12 zai shiga ledar. Nauyin shi ne abu na ƙarshe da aka gano, ba na farko ba.

Yanzu a ƙaddara dala ta tashi, kamar yadda ta yi bayan da aka saki naira a watan Yuni na 2023, lokacin da ta tashi daga wajen naira 460 har ta haura 1,500 a 2024. A ce giram ɗin gari ya koma naira 4 da kwabo 80. Giram 12 zai ci naira 57 da kwabo 60, alhali 48 ce kawai a hannu. Hanyoyi uku ne a gaban kamfani. Zai iya tsallakawa zuwa mataki na gaba na tsanin, wato 150, amma wannan ƙarin rabin kuɗi ne cur, kuma yaron da aka aiko da ɗari zai koma gida hannu rabbana ko ya sayi ta wani kamfani. Zai iya sauya abin da ke ciki, ya rage madara ya ƙara abin cike gurbi mai araha. Ko kuma ya bar farashi a ɗari, ya saita injin ya riƙa zuba giram 10, domin 48 a raba da 4.8 goma ne daidai. Hanya ta uku ita ce mafi sauƙi, domin juyin ƙarfen awo kawai za a rage, kuma girman ledar a ido bai cika sauyawa ba.

Mai saye zai ce madara ba ta tashi ba, har yanzu ɗari ce. Amma a da yana biyan naira 8 da kwabo 33 kan kowane giram, yanzu yana biyan naira 10. An yi masa ƙarin kashi 20 cikin ɗari ba tare da an buɗe baki ba. Ba a karya doka ba, matuƙar an rubuta sabon nauyin a jikin ledar, kuma bisa ƙa'idar hukumar NAFDAC dole ne a rubuta nauyi da ranar yi da ranar lalacewa a kan kowane abincin da aka ƙunshe. Sai dai rubutun ƙanana ne, da Turanci yake, kuma mai sayen da ya saba ambaton kuɗi ba nauyi ba, ba shi da dalilin dubawa. Mai ƙulla sukari a gida ma haka yake yi idan buhu ya tashi: ƙullin hamsin yana nan a hamsin, cokalin ne ke ramewa. Bambancin kawai shi ne nasa ana gani da ido, har a yi masa tsiya.

Shin talaka wauta yake yi?

A ci gaba da misalin. A ce akwai babbar leda mai giram 360 kan naira 2,520, wato naira 7 kowane giram. Ƙananan ledoji 30 masu giram 12 su ma giram 360 ne, amma kuɗinsu naira 3,000. Mai saye ɗai-ɗai ya biya ƙarin naira 480 a wata, kusan kashi 19 cikin ɗari. Masana tattalin arziki sun daɗe da lura da wannan, cewa sau da yawa mara ƙarfi ya fi mai hali biyan tsada a kan kaya iri ɗaya. Daga nan wasu kan yanke hukunci cewa rashin lissafi ne. Wannan hukunci akwai gaggawa a cikinsa.

Da farko dai, wanda ke da ɗari a hannu ba zaɓi yake yi tsakanin ƙarama da babba ba, zaɓi yake yi tsakanin ƙarama da babu. Ko da ya haɗa 2,520 ɗin, kulle ta a madarar wata guda yana nufin ba ta nan ranar da yaro zai tashi da zazzaɓi. Ga mai ƙosai ko mai shayi kuwa, wannan kuɗi jari ne da zai juya sau da yawa kafin wata ya ƙare.

Na biyu, kuma nan ne kimiyya ta shigo, garin madara ba ya son a buɗe shi a ajiye. Ana yin sa ne ta hanyar fesa madara cikin iska mai zafi, ruwan ya tsere nan take, a bar gari wanda danshinsa bai wuce kashi 5 cikin ɗari ba. Saboda saurin bushewar, sukarin da ke cikin madara, wanda ake kira laktos, ba ya samun sukunin jeruwa ya zama ƙwayoyi irin na sukarin shayi. Yana daskarewa ne a hargitse, kuma a wannan hali mayen ruwa ne. Da zarar an buɗe leda sai ya fara zuƙar danshin iska. Da hunturu ba a cika ganin illar ba, domin iskar ƙasar Kazaure a bushe take ƙayau. Amma daga Yuli zuwa Satumba, idan damina ta zauna, garin yakan yi danƙo, ya dunƙule, daga baya ya yi tauri ya ƙi narkewa a shayi. Shi kuma man da ke ciki, iskar oksijin tana cinsa a hankali, musamman a ɗaki mai rufin kwano, har ya soma warin tsohon mai. Ga tururuwa, ga cokali mai laima da ake tsomawa. 'Yar leda kuwa ana yaga ta ne a juye a take, saboda haka wannan tsada ta alminiyam ba a banza take ba: ita ce ke yi wa gidan da ba shi da firji ko gwangwani mai murfin kirki aikin ajiya.

Akwai kuma ɓarnar da ba ta kimiyya ba. Babbar leda a gida mai yara takwas ba ta kai wata. Hannu yana nauyi idan kaya na da yawa, maƙwabta za su aiko a sammusu, kuma ba a hana maƙwabci abin da ya gani. Idan aka koma ga lissafi, a ce kashi ɗaya cikin shida na babbar ledar ya salwanta ta waɗannan hanyoyi, giram 300 ne aka amfana da shi kan naira 2,520, wato naira 8 da kwabo 40 kowane giram. Ta riga ta zarce ƙaramar tsada. Ke nan a wannan misali, duk gidan da ɓarnarsa ta wuce kashi 16 cikin ɗari, 'yar leda ce ta fi masa. Gidan da ke da mazubi mai rufuwa gam, kuma yana shanye babbar cikin mako biyu, shi ne ke asara idan ya ci gaba da saye ɗai-ɗai. Mai shayin bakin tasha, wanda ke ƙarar da babbar leda a yini ɗaya ko biyu, ba shi da hujjar sayen ƙanana ko kaɗan, kuma galibinsu sun san haka.

Wani abin mamaki shi ne ba kullum ƙaramar ce ta fi tsada ba. A lokacin da farashi ke tashi da sauri, kamfani yakan ƙara wa babba kuɗi nan da nan, domin babu wuya a mayar da 2,520 ta zama 2,900, amma ya jinkirta taɓa ta ɗari saboda tsoron tsalle. A irin wannan tsakani, ƙananan sukan fi araha a kowane giram. Babu hanyar sani sai an raba kuɗi da nauyi.

Inda matsala take

Babbar illar raguwar nauyi ba a aljihu take ba, a kofi take. Madarar shanu ta gaskiya, kusan kashi 87 cikin ɗari ruwa ce, sauran 13 su ne abincin. Saboda haka kafin a mayar da gari ya zama madara sosai, ana bukatar wajen giram 125 zuwa 130 a kowace lita. Giram 12 bai cika yin mililita 100 ba, wato bai kai kashi ɗaya cikin biyar na ledar ruwan sha mai rabin lita ba. Giram 10 kuwa mililita 80 ne. Idan uwa ta juye leda ɗaya a babban kofi, ko ta raba wa yara uku a koko, abin da suka sha farin ruwa ne mai ƙanshin madara. Tun da gwargwadon furotin a garin madara cikakkiya wajen rubu'in nauyinsa ne, leda mai giram 12 ba ta wuce giram 3 ba, wato rabin abin da ke cikin ƙwai guda. A ƙasar da Fulani ke kawo nono da kindirmo har ƙofar gida, ya kamata a gwada abin da naira ɗari za ta saya a ƙwarya da abin da za ta saya a leda.

Sannan ba duk farin gari ne madara ba. Akwai madara cikakkiya mai man shanunta, akwai wadda aka sa wa man tsirrai, akwai kuma garin faranta shayi wanda yawancinsa sukarin sitaci ne da mai, furotin ɗinsa kaɗan ne ƙwarai. Duka ukun a jere suke rataye a tebur ɗaya, farashinsu ɗaya, ledojinsu masu kama da juna. Ana bambance su ne daga jerin abubuwan da aka haɗa, wanda ke bayan leda, domin ƙa'ida ita ce a fara rubuta abin da ya fi yawa. Idan madara ba ita ce a farko ba, ba madara aka saya ba. Kuma babu ko ɗaya daga cikinsu da ya dace da jariri a madadin nonon uwa. Ba don shi aka haɗa su ba.

Ita ma ledar tana iya cin amana. Jerin da ya yi makonni a rataye rana na dukansa, ko wanda aka huda da ƙusa kusa da bakin liƙi, yana iya shan iska. Gwajin mai sauƙi ne. A girgiza ledar kusa da kunne: gari mai kyau yana motsi sako-sako kamar yashi. Idan an ji ya zama curi, ko an matsa a hankali an ji iska na fita, danshi ya shiga. Bayan an yaga, launin da ya koma ruwan ƙasa-ƙasa ko wari mai kama da tsohon man suya alama ce ta lalacewa, ko da ranar da aka buga ba ta cika ba, domin wannan rana an ƙiyasta ta ne bisa sharaɗin ledar ba ta huje ba kuma an ajiye ta a inuwa.

Ƙullin hannu na mai tebur ya fi araha a wajen naɗi, amma yana da tasa matsalar. Tun 2002 doka ta wajabta ƙara sinadarin bitamin A a sukari da man girki da fulawa a Nijeriya, gishiri kuwa an wajabta sa masa aidin tun kafin nan. Haske yana lalata bitamin A, danshi da zafi kuma suna rage aidin. Sukarin da aka ƙulla a farar leda aka shanya a tebur, da man da ke zaune a buɗaɗɗiyar kwalba a rana, suna iya isa tukunya da ɗanɗanonsu amma sun rasa wani ɓangare na abin da aka ƙara musu. Kuma ƙullin hannu ba shi da suna, ba shi da kwanan wata, babu wanda za a tuhuma idan an yi algus.

Kuɗin da ba a sa a lissafi ba

A cikin waccan naira 100 da aka rarraba, ko kwabo ba a ware wa kwashe ledar ba bayan an yar da ita. Hawa ukun da suka sa ta iya tsare madara su ne suka sa ba ta sake narkuwa a yi wani abu da ita, domin raba roba da alminiyam bayan an manne su aiki ne mai tsada. Gwangwanin da ta maye gurbinsa yana da rayuwa ta biyu da ta uku: ma'auni ne, fitilar aci-balbal ce, motar wasan yara ce, daga ƙarshe 'yan gwangwan su saye shi a kilo. 'Yar leda babu mai saye. Tana bin shara zuwa juji, daga juji kuma jakuna da amalanke su kai ta gona tare da taki, inda garma za ta yi ta tono ta shekara da shekaru. Awaki da shanu da ke kiwo a bola suna haɗiye ledoji saboda ɗanɗanon gishiri da mai da ke jikinsu. Tumbin dabba ba ya narkar da roba, sai ta taru ta dunƙule ta cika wurin abinci, dabbar ta yi ta ramewa ga ciki a kumbure, mai ita yana ta sayen maganin tsutsa. Mahauta sun san wannan curi sarai, domin su ne ke ciro shi.

Akwai hanyoyin rage tsadar ba tare da an koma sayen da ya fi ƙarfi ba, kuma mutane sun riga sun gano wasu. Sayen jeri guda mai goma a wurin babban ɗan kasuwa ranar kasuwa yana dawo wa gida da ribar mai tebur, wato naira 150 a misalin da ya gabata, kuma kowace leda tana nan a liƙe har ranar da za a bukace ta. Matan gida ɗaya kan haɗa kuɗi su sayi babba su raba a ranar, kowacce ta zuba nata a kwalba busasshiya mai murfi. Yaɗuwar tura kuɗi ta waya ma tana iya sassauta tsanin farashin, tun da waya ba ta neman canji, sai dai cinikin naira ɗari a ƙauye har yanzu na takarda ne.

Malamin lissafi ko na kimiyya a babbar sakandare zai iya mayar da duk wannan darasin mako guda. Ɗalibai su tattaro ledojin da aka yar na kaya iri ɗaya, ƙanana da manya, su karanta lambar da ke gaban harafin g, su tambayo farashi a tebur uku, su raba kuɗi da nauyi. Su farke ledojin su auna faɗinsu da rula, su gano sentimita nawa ke naɗe kowane giram. Sannan a manna ledojin a littafi tare da kwanan wata da farashin ranar, a ajiye wa 'yan ajin baɗi su gwada da nasu.